Takardar sallama daga sashen taɓin hankali: yadda za a rubuta ta likitan gida ya san abin da zai duba da ranar da zai duba

Akwai wata jimla da ake yawan rufe takardar sallama da ita: “A ci gaba da shan magani, a riƙa bibiyar jini.” Mai rubutun ya san abin da yake nufi, domin ya yi sati huɗu yana ganin majinyacin kullum. Likitan da takardar za ta je hannunsa a babban asibitin ƙaramar hukuma, ko jami'in lafiya a asibitin sha-ka-tafi, bai san komai ba. Wane gwajin jini? Yaushe? Idan sakamako ya fito 1.1, murna zai yi ko tashin hankali? Ga layin marasa lafiya a ƙofa, ba shi da fiye da minti biyar. Abin da yakan faru shi ne ya sake rubuta magungunan yadda ya gan su, ya sallami mutum.

Wannan jagora ta ƙaramin likita ce da aka ce ya rubuta takardar, da babban likitan da zai sa hannu. A Najeriya da Turanci ake rubuta ta, a Nijar da Faransanci, amma tsarin tunanin ɗaya ne, don haka na kawo misalan da Hausa. Na zaɓi majinyaci da aka sallama a kan litiyam da olanzafin, saboda babu inda rubutu mai harshen damo ya fi yin ɓarna kamar a nan.

Ga majinyacin misalinmu, wanda ba wani takamaiman mutum ba ne. Tela ne mai shekara 38, yana da ciwon baifola, wato ciwon da kan ɗaga mutum sama da zumuɗi da rashin barci, wani lokaci kuma ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi. Yana kuma da hawan jini. Mu bi kalandar 2025: an kwantar da shi Litinin 13 ga Janairu ciwon ya tashi, aka fara olanzafin a ranar, aka fara litiyam 20 ga Janairu, za a sallame shi Litinin 10 ga Fabrairu. Garinsu tafiyar awa uku ce daga asibitin.

Kafin ka ɗauki biro

Matakin farko a waya ake yin sa. Sai ka san inda mutumin zai koma, wa zai riƙa ganinsa, da abin da wurin ke iya yi. Galibin manyan asibitocin ƙananan hukumomi na auna nauyi, hawan jini, sukari, wasu har da gwajin ƙoda. Gwajin litiyam a jini kuwa ba ko'ina ake yin sa ba, yawanci sai asibitin koyarwa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Kware ko Maiduguri, ko wani babban ɗakin gwaji mai zaman kansa. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mhGAP ta faɗa a fili cewa kada a ba da litiyam sai inda za a iya bibiyarsa a asibiti da ɗakin gwaji. Idan ka bincika ka ga babu hanyar da telan nan zai samu gwajin, ko kuɗin mota ya fi ƙarfinsa, wannan maganar babban likita ce tun kafin sallama, domin wataƙila maganin ne za a canja. Rubuta “a duba litiyam duk wata uku” ga asibitin da ba ya da na'urar, wanke hannu ne kawai.

A misalinmu an daidaita haka: gwajin litiyam a asibitin ƙwaƙwalwa za a riƙa yi ranar da ya zo ganin likita, sauran kuma a garinsu. Wannan rabon aiki shi ne ƙashin bayan takardar, kuma dole ya fito ƙarara.

Shafin farko na mai karɓa ne

An saba fara takarda da tarihi: yadda aka kawo shi, abin da ya ce, yarintarsa, aurensa. Mai karɓa ba zai kai shafi na uku ba. Ka juya tsarin. A saman shafin farko, bayan suna da lambar fayil da ranakun kwanciya da sallama, ka sa sunan ciwon a layi ɗaya, sai magunguna, sai abin da kake roƙon likitan gida ya yi, sai lambar wayar da za a kira. Tarihin ya koma baya, a taƙaice.

Akwai wani dalilin taƙaita tarihi. Sau da yawa majinyacin ne ko ɗan'uwansa ke ɗaukar takardar da hannu, kuma duk mai iya karatu a gidan zai buɗe ta. Abin da ya faɗa game da matarsa ko mahaifinsa lokacin da ciwo ke kansa ba shi da amfani ga mai auna hawan jini, amma yana iya raba gida. Ka rubuta abin da mai karɓa ke buƙata don aikinsa, ka kuma gaya wa majinyacin wa za a aika wa takardar.

Magunguna: na sha, na dainawa, da waɗanda aka hana

Jerin magunguna kashi uku ne, kuma kashi na biyu da na uku su ake mantawa. Ga na sha a misalinmu: litiyam kabonet 900 mg sau ɗaya da ƙarfe 9 na dare, olanzafin 10 mg da dare, amlodifin 5 mg da safe, diyazefam 5 mg da dare har 16 ga Fabrairu, rabin ƙwaya har 23 ga Fabrairu, daga nan a daina, kada a sabunta. Lura da wannan na ƙarshe. Duk maganin da ba a rubuta masa ranar dainawa ba, za a yi ta sabunta shi, kuma haka mutane ke wayar gari sun shekara biyu a kan diyazefam ɗin da aka ba su don barcin sati biyu. Ka kuma rubuta ƙarfin ƙwayar litiyam da aka ba shi, misali ƙwaya uku masu 300 mg, domin akwai masu 250 da masu 400, akwai kuma masu narkewa a hankali. Wanda aka koya wa “ƙwaya uku” ya sayi mai 400 a kemis ya koma shan 1200 mg bai sani ba.

Na dainawa: ya zo asibiti yana shan lisinofiril don hawan jini, aka tsayar, aka mayar da shi amlodifin. Idan ka tsaya a nan, likitan garinsu, wanda shi ya ɗora shi a kan lisinofiril tun asali, zai ɗauka kuskure ne ya mayar da shi. Sai ka rubuta dalili: “An tsayar da lisinofiril 18 ga Janairu saboda yana ɗaga litiyam a jini. Kada a mayar da shi.” Haka allurar halofaridol da benzekzol ɗin da aka ba shi a kwanakin farko, a ce an daina, ba ya buƙatarsu.

Waɗanda aka hana kuwa suna buƙatar ɗan bayani, don mai karɓa ya gane dalilin ya iya hango wanda ba ka lissafa ba. Litiyam ta ƙoda kaɗai yake fita daga jiki, kuma ƙoda na mu'amala da shi kamar yadda take yi da gishiri. Duk lokacin da jiki ya rasa ruwa ko gishiri, ƙoda kan riƙe gishiri, ta haɗa da litiyam. Shi ya sa gudawa, amai, zazzaɓi da gumi mai yawa ke ɗaga shi, haka ma magungunan da ke taɓa aikin ƙoda. Na farko a cikinsu magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, ibufurofen da firoksikam, waɗanda ake saye a kowane kemis ba tare da takarda ba, kuma tela mai ciwon baya zai neme su. Sai dangin lisinofiril da losatan, sai magungunan sa fitsari na hawan jini irin su haidirokulorotayazaid, har da waɗanda aka haɗa shi a cikinsu. Metronidazol, wato filajil da ake ba mai gudawa, shi ma yana iya ɗaga shi. Kada ka hana kawai ka tsaya. Ka ba da madadi: don ciwo, farasitamol. Idan hawan jini ya ƙi sauka, a ƙara amlodifin zuwa 10 mg, in bai isa ba a kira mu. Ka ƙara layi ɗaya game da gishiri, domin shawarar da kowane likita ke ba mai hawan jini ita ce ya rage gishiri, kuma yanke shi farat ɗaya na ɗaga litiyam. Ya ci gaba da cin yadda ya saba a lokacin da aka daidaita maganin.

Game da olanzafin, layi biyu sun isa. Sifurofuloksasin da ake yawan bayarwa don taifot na ɗaga shi a jini, mutum ya yi ta barci. Taba sigari kuma na rage shi, don haka mai sha da ya daina zai iya jin maganin ya yi masa nauyi.

Kowane layin bibiya ya amsa tambaya shida

Nan ne zuciyar aikin. Duk abin da kake so a duba, layinsa ya faɗi abin da za a duba, adadinsa na ƙarshe, ranar dubawa ta gaba, adadin da ya zama matsala, abin da za a yi idan an kai wurin, da wanda aikin ke wuyansa. Idan ɗaya ya ɓace, layin bai cika ba. Kuma rana ake rubutawa, da kwanan wata. “Bayan sati shida” na sa mai karatu lissafi, kuma bai san daga ina zai fara ƙirga ba, daga fara magani ko daga sallama.

Mu ɗauki litiyam. Layin da aka saba rubutawa shi ne “a bibiyi litiyam”. Ga wanda ya cika:

“Litiyam a jini. 27 ga Janairu: 0.45 mmol/L a kan 600 mg, aka ƙara zuwa 900 mg. 3 ga Fabrairu: 0.7. An ɗibi na 10 ga Fabrairu, sakamako bai fito ba. Mu za mu duba shi, mu kira ku da majinyacin kafin 12 ga Fabrairu. Abin da muke nema: 0.6 zuwa 0.8. Gwaji na gaba a wurinmu: 17 ga Fabrairu, 10 ga Maris, 12 ga Mayu, sannan duk wata uku har shekara ta cika.”

Akwai abubuwa da dama a cikin wannan ɗan sakin layi. Sakamakon da bai fito ba an ambace shi, an kuma faɗi mai nemansa. Gwajin da aka ɗiba ranar sallama shi ya fi saurin ɓacewa, domin sashen kwanciya ya rufe fayil, sashen ganin likita bai buɗe nasa ba. An kawo adadi biyu na baya, don mai karatu ya ga inda abin ya dosa. An kuma faɗi abin da ake nema ga wannan mutumin, saboda takardar ɗakin gwaji kan buga iyaka mai faɗi, wani lokaci har 1.2, kuma wanda ya ga 1.1 a cikin iyakar zai ce lafiya lau, alhali ga telan nan tashi ne daga 0.7 da ke neman bayani.

Sai yadda ake ɗibar jinin, ko da a wurinku za a yi, domin wata rana larura za ta sa a ɗiba a wani wuri. Ana ɗiba awa 12 bayan shan na ƙarshe: ya sha ƙarfe 9 na dare, a ɗiba ƙarfe 9 na safe. Wanda aka ɗiba awa uku bayan sha zai fito sama ƙwarai, ya tsorata kowa a banza. Bayan canja yawan magani a jira kwana 5 zuwa 7 kafin gwaji, domin kafin nan bai daidaita a jiki ba. Sannan kada a zuba jinin a kwalbar gwaji mai koren murfi wadda ke ɗauke da litiyam hefarin. Ita kanta kwalbar za ta ɗaga sakamakon. Wannan kuskure na faruwa fiye da yadda ake zato, kuma layi ɗaya ke hana shi.

Yanzu abin da za a yi da sakamakon. Ƙasa da 0.6: a tambayi ko yana sha, a tambayi lokacin ɗiba, kada a ƙara magani sai an yi magana da mu. Daga 0.9 zuwa ƙasa da 1.5 kuma babu alamar guba: a nemi dalili, wato sabon magani, gudawa, ƙarancin shan ruwa ko canjin ƙwaya, a kira mu a ranar kafin ya sha na daren. Daga 1.5 zuwa sama, ko kuma alamun guba ko nawa ne adadin: a tsayar da litiyam nan take, a duba ƙoda da gishirin jini, a sa ƙarin ruwa, a turo shi a ranar. Wanda gubar ta yi wa tsanani wani lokaci sai an yi masa wankin ƙoda, don haka ka ambaci asibitin da ya dace a kai shi.

A inda gwaji ke da nisa, ido da hannun likita su ne gwajin, don haka ka rubuta alamun da kalmomin da za a iya gani. Ka bambanta abin da aka saba gani da abin tsoro. 'Yar karkarwar yatsu ƙanana, ƙishirwa, yawan fitsari da ɗan tashin zuciya a farkon magani abu ne da aka sani. Karkarwa mai ƙarfi da ke zubar da ruwa daga kofi, tangaɗi kamar mai maye, nauyin harshe, amai da gudawa da suka ƙi tsayawa, fizgar tsoka, yawan gyangyaɗi ko ruɗewa, waɗannan guba ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ka rubuta yadda yake a ranar sallama: “Yana da ƙaramar karkarwa a hannu biyu idan ya miƙe su, yana iya zura zare a allura, tafiyarsa daidai.” Da wannan, likitan da ya gan shi bayan wata guda ya kasa zura zare ya san wani abu ya canja. Ka kuma gargaɗe shi game da tarko guda: mai taɓin hankali da ya zo a ruɗe, kowa zai ce ciwonsa ne ya tashi, a yi masa allurar kwantar da hankali a mayar da shi gida. Ga mai shan litiyam, ruɗewa da tangaɗi a fara zargin maganin.

Dokar ranar rashin lafiya ta shiga takardar, a kuma karanta wa iyali ita: idan ya kamu da gudawa, amai ko zazzaɓin da ya hana shi ci da sha, ya dakatar da litiyam, ya sha ruwan gishiri da sukari, ya je asibiti a ranar, a kira mu kafin ya koma sha. Wannan ya bambanta da daina maganin gaba ɗaya. Yanke litiyam kwatsam na jawo dawowar ciwon da sauri, shi ya sa idan za a daina shi ake ragewa a hankali cikin aƙalla sati huɗu, kuma shawarar likitan ƙwaƙwalwa ce.

Azumi da zafin bazara

Ranar 10 ga Maris da ke cikin jerin ba ta cikin jadawalin littafi. An sa ta ne saboda azumin 2025 ya kama a farkon Maris, daidai lokacin da zafi ke shigowa. Wuni ba ruwa cikin zafi, a shagon tela mai rufin kwano, shi ne ainihin yanayin da ƙoda ke riƙe litiyam. Kada takardar ta yi shiru a kan wannan. A tattauna da majinyacin tun yana kwance, a rubuta abin da aka cimma. Ga mutumin da bai fi wata biyu da fara litiyam ba, kuma yanzu ya tashi daga ciwo mai tsanani, shawarar da ta fi ita ce ya ɗage azumin bana, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Yana da kyau ya ji hakan daga bakin malamin da ya yarda da shi. Amma wasu za su ce sai sun yi, kuma gara takardar ta yi shirin hakan da ta yi kamar ba ta sani ba. Sai a rubuta: ya sha maganin a lokacinsa na dare, ya yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a yi gwaji cikin kwana goman farko, ya karya azumi idan ya ga ɗaya daga alamun da aka lissafa.

Akwai haɗari na biyu a watan, wanda ya shafi sana'arsa. Goman ƙarshe lokacin ɗinkin Sallah ne, teloli na kwana a kan keke. Rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo. Takardar da ta san majinyacinta za ta ce: “Ya amince ba zai karɓi ɗinkin da zai sa shi kwana a shago ba. A tambaye shi da matarsa awa nawa yake barci a kowace ziyara ta watan Maris.”

Ƙoda, tayiroyid, nauyi da sukari

Waɗannan su ne na likitan gida, kuma tsarin tambaya shida bai canja ba. Ƙoda: kiriyatinin 82 µmol/L, eGFR sama da 90 a ranar 17 ga Janairu, a maimaita 21 ga Yuli, sannan duk wata shida, da kuma duk lokacin da ya yi rashin lafiya mai ƙarar da ruwa, a kira mu idan eGFR ya sauka ƙasa da 60, ko ya yi ta sauka a gwaji biyu a jere. Tayiroyid: TSH 1.8 a ranar. A maimaita 21 ga Yuli. Litiyam na iya rage aikin wannan ƙullutu na wuya, mutum ya yi sanyi, ya yi ƙiba, ya riƙa jin kasala, a ɗauka baƙin ciki ne ya dawo. Idan TSH ya haura iyakar ɗakin gwaji a maimaita tare da T4, idan ya wuce 10 a kira mu a fara magani; ba dalilin tsayar da litiyam ba ne. Kalsiyam 2.3 mmol/L, shi ma 21 ga Yuli, a sanar da mu idan ya wuce 2.6. Haɗa su ukun a rana ɗaya da gangan ne, don tafiya ɗaya da huda ɗaya.

Olanzafin na buɗe ciki, kuma ƙibar da yake sawa a watannin farko ta fi sauri. Nauyinsa kilo 64 ranar kwanciya, 66.5 ranar sallama. A auna 17 da 24 ga Fabrairu, wanda ya cika sati shida da fara maganin, sai 7 ga Afrilu da ya cika sati 12, sai cikar shekara. Ƙarin kashi 7 cikin ɗari shi ake ɗauka ya zama abin dubawa, amma kada ka bar wa mai karatu lissafin: rubuta “idan ya kai kilo 68.5 a sanar da mu”. Ka lura ya riga ya ci fiye da rabin tazarar tun yana kwance, kuma wannan ya cancanci a faɗe shi. A gida kuwa za a yi murna da ƙibar, a ce ya murmure, don haka ba daga iyali ƙorafin zai zo ba.

Sukari kafin karin kumallo 5.1 mmol/L, a maimaita 7 ga Afrilu tare da kitsen jini da hawan jini, wanda ya kasance 132/84 ranar sallama. Daga 6.1 zuwa 6.9 a maimaita a kuma yi maganar abinci, 7.0 ko sama a tabbatar da gwaji na biyu a kula da shi a matsayin ciwon sukari, a sanar da mu don mu sake duba olanzafin. Ga mai sikila ko ƙarancin jini mai yawa, gwajin HbA1c ba abin dogaro ba ne. Ƙishirwa da yawan fitsari kuma na iya zama litiyam, na iya zama sukari, don haka duk wanda ya kawo wannan kuka a soka masa yatsa kafin a ɗora wa litiyam laifi.

Da majinyacin mace ce da ke cikin shekarun haihuwa, da an ƙara sashe guda: sakamakon gwajin ciki da ranarsa, hanyar tazarar haihuwa da take bi, da umarnin a kira a ranar da aka gano ciki, ba tare da ta yanke maganin da kanta ba.

Alamun dawowar ciwo da maganar kashe kai

Kada ka kwafo alamun littafi. Kowane majinyaci na da yadda ciwonsa ke sallama kafin ya shigo, kuma iyali sun fi kowa saninsa. Ka tambayi matar telan abin da ta fara gani a watan Disamba. A ce ta ce barci ya ragu, ya riƙa karɓar ɗinki fiye da ƙarfinsa, yana rabon kuɗi, yana doguwar waya da tsakar dare. Su za ka rubuta, da ma'auni da mataki: barci ƙasa da awa biyar dare biyu a jere, a kira mu a ranar, a kawo shi cikin kwana biyu. Ka kuma tuna cewa bayan tashin ciwo sau da yawa baƙin ciki ke biyowa, lokacin da mutum ya dawo hayyacinsa ya ga bashin da ya ci da maganganun da ya faɗa wa mutane.

Shi ya sa makonnin farko bayan sallama suke cikin lokutan da haɗarin kashe kai ya fi yawa. A Ingila an mayar da ƙa'idar ganin wanda aka sallama daga cikin kwana bakwai zuwa cikin awa 72. A misalinmu an sa kiran waya ranar Alhamis 13 ga Fabrairu, da ganin ido 17 ga wata. “Haɗari kaɗan ne” ba bayani ba ne. Ka rubuta abin da aka sani: bai taɓa yunƙuri ba, an tambaye shi ranar sallama ya ce ba ya tunanin hakan, abin da ke damunsa bashi ne da kunyar maƙwabta. Ka roƙi likitan gida ya yi tambayar kai tsaye a kowace ziyara, domin tambaya ba ta dasa tunanin a zuciyar mutum. Litiyam kansa haɗari ne idan aka sha da yawa, don haka a ba da na sati biyu-biyu a farko, matarsa ta riƙe, a kuma kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga inda hannu ke kaiwa.

Iyalai da yawa za su haɗa da ruƙiyya ko rubutun sha, kuma faɗa da hakan a takarda ba ya haifar da komai. Abin da za a rubuta shi ne an yi magana da su cewa addu'a ba ta hana shan magani, kuma duk wani jiƙo mai sa gudawa ko amai haɗari ne gare shi.

Miƙa takardar

A yi kwafi uku: na fayil, na likitan gida, na majinyaci. Shi majinyacin a ƙara masa ƙaramin kati da Hausa, ko da ajami idan shi yake karantawa, mai ɗauke da sunan maganin, ranakun gwaji, magungunan da zai ƙi karɓa a kemis, da lambar waya. Lambar ta zama wadda ake ɗauka, ta sashe ko ta likitan da ke bakin aiki, a kuma rubuta wadda za a kira da dare. Takardar ta fita ranar sallama. Wadda ta isa bayan sati uku ta tarar an wuce ranaku uku na farko a jadawalin.

Kafin babban likita ya sa hannu, ka miƙa shafin farko ga wata nas ko wani likita da bai san majinyacin ba, ka ba shi minti biyu, ka karɓe, ka yi masa tambaya uku: me za ka duba a ziyara ta gaba kuma wace rana, wane magani ba za ka ba shi ba idan ya zo da ciwon baya, me za ka yi idan ya shigo yana tangaɗi? Inda ya yi jinkirin amsa, nan za ka koma ka gyara. Daga nan ka kira likitan garin telan, ka karanta masa ranakun 24 ga Fabrairu, 7 ga Afrilu da 21 ga Yuli, ka ji ya ce ya karɓa, ka rubuta sunansa da lokacin kiran a fayil.